Awon Mutumin Cikin Hoto

Ranar Talata da hantsi Yaya ta shigo shagona rungume da wata leda, tana takawa a hankali kamar wadda ta ɗauko ƙwai. Ina kan keken ɗinki ina haɗa wandunan 'yan makaranta, allurai biyu a bakina, don haka da gira na amsa sallamarta. Ta kawar da tarkacen ƙyallaye daga kan benci ta zauna, ta ɗora ledar a cinya, ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni ciwon bayana, ta ma tambaye ni lafiyar mai shagon kusa, wanda ta tsana. A nan na gane akwai magana. Yaya ungozoma ce, shekara talatin tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya, kuma ba ta san kwana-kwana ba. In za ta ce miki kin yi ƙiba, tun daga bakin ƙofa za ta faɗa.

"Auta, riga nake so ki ɗinka mini," ta ce. "Ta maza."

Ta buɗe ledar. Na san yadin tun kafin ta warware shi. Ruwan toka ne mai siririn layi, shi ta saya wa mijinta watan da ya kwanta ciwo, ta ce in ya tashi zan ɗinka masa. Bai tashi ba. Shekara huɗu yadin na ƙasan akwatinta, ko 'ya'yanta ba ta bari su taɓa.

Na cire alluran daga bakina. "Wa za a ɗinka wa?"

Maimakon amsa sai ta miƙo mini waya. Wani dattijo ne a hoton, ƙaƙƙarfa, mai furfura a gefen kai, ya jingina da ƙarfen jirgin ruwa yana murmushi. Wuyansa ya cika kwalar rigarsa har ya ɗan yi tudu. Kyakkyawa ne, ba zan ci amanar gaskiya ba. Na ɗago kai na ga Yaya, matar da ta yi mini wanka ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana wasa da bakin gyalenta kamar budurwa.

Ta ba ni labari da kanta. Ranar da mijinta ya cika shekara huɗu ta sa hotonsa a shafinta na sada zumunta ta rubuta addu'a. Wannan mutumi, wanda ba ta sani ba, ya yi mata ta'aziyya a ƙasa, ya ce shi ma ya rasa matarsa, ya san ciwon. Injiniya ne, yana aiki a tsakiyar teku. Washegari ya ce su bar shafin su koma hira su biyu, don can idanu sun yi yawa. Kullum da asuba saƙonsa ne ke tashinta. Yana tambayarta ko ta sha maganin hawan jininta. Yana tuna sunayen jikokinta duka biyar.

"Yaushe kuka fara?"

"Yau kwana goma sha tara."

"Ya ce yana son ki?"

Ta yi 'yar dariya ta rufe baki. "Tun kwana na biyar. Na ce masa ka yi hankali, ai ba ka san ni ba. Ya ce zuciya ba ta duba kalanda."

Ni nawa masoyin a kwana na huɗu ya faɗa.

Wannan magana babu wanda ya san ta a duniya. Shekara biyu da suka wuce, bayan aurena ya mutu, akwai wani likita da ya ce yana aiki a sansanin agaji a wata ƙasa mai nisa. Wata bakwai muna tare a waya, ban taɓa ganin fuskarsa tana motsi ba. Na tura masa abin da nake da shi, da ya ƙare na sayar da injin surfanin da Yaya ta saya mini da kuɗin sallamarta na aiki. Da ta zo ta ga wurin injin wayam, sai na ce na kai shi gyara an sace a hanya. Tun daga ranar, duk sanda ta shigo shagon sai ta kalli kusurwar nan ta tsine wa ɓarayi, ni kuma in ce amin ina duƙe a kan keke. Kunyar wannan amin ɗin ta fi asarar injin ci mini rai.

Na daure na ce, "To, ina awonsa?"

"Ke da kike kallon mutum ki faɗi faɗin kafaɗarsa? Ga hoto nan."

"Ba na sa almakashi a yadi irin wannan da hoto. Ki kira shi ta bidiyo, ya riƙe tef, in nuna masa inda zai auna. Minti biyar ya isa."

Ta ce ai kamfaninsu ya hana kiran bidiyo a jirgin, saboda tsaro. Murya fa? Sun yi sau biyu, layin na yankewa, da ƙyar take jin sa. Ya taɓa roƙonta wani abu? Ta ce ba roƙo ba ne, sau ɗaya dai katinsa na intanet ya ƙare kuma babu inda zai saya a teku, ta saya masa. Abu kaɗan, ko kuɗin cefanen kwana ɗaya bai kai ba.

Da ina da hankali da na bi a sannu. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ni kuma bakina ya fi ƙafata sauri.

"Yaya, wannan ɗan damfara ne. Ba son ki yake ba."

Ta ɗaure fuska. Ta karɓi wayar daga hannuna ta sa a jaka, ta zuge zif a hankali.

"Wato na tsufa a so ni."

"Ba haka na ce ba."

"Haka kika ce. Shekara huɗu wa ya tambaye ni ko na sha magani? Ke? Yaran da sai ranar Lahadi suke kira, su ma suna sauri?" Ta miƙe. "Zan kawo miki awon. In ba za ki ɗinka ba, teloli ba su ƙare a gari ba."

Ta fita ta bar yadin a kan benci. Na ɗauke shi na sa a saman kanta, nesa da man keke. Ranar sau uku ina farke ƙugun wando ɗaya.

Ranar Alhamis ta turo mini awon, babu gaisuwa babu komai. Wuya inci goma sha huɗu. Kafaɗa goma sha shida. Ƙirji talatin da huɗu. Hannu ashirin da uku. Na karanta, na sake karantawa, na zauna a kan benci. Na yi zaton zai ƙirƙiro lambobi barkatai, irin waɗanda ba su dace da jikin kowa ba. Bai yi haka ba. Awo ne mai kyau, komai ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Ko ya sa an auna shi, ko ya kwafo daga takardar telansa. Ko ma wanne ne, mutumin bai san abin da tela ke gani a lamba ba. Na kira Yaya sau biyu ba ta ɗauka ba.

Ranar Asabar ta zo da kanta, wajen ƙarfe goma da rabi, cikin kayan fita, da ƙaramar jakar da take sa takardun banki. Ba ta zauna ba.

"Kin yanka?"

"Ban yanka ba."

"To ki yanka. Ƙarshen wata zai zo."

"Ina za ki da jakar banki, Yaya?"

Ta kalli titi. Yaya ba ta iya ƙarya ba, ko ga mace mai naƙuda ba ta taɓa cewa ba zafi. Ta ce an ba shi hutu, amma dole ya biya kuɗin wanda zai riƙe masa aiki da na jirgin da zai fito da shi, kuma bankinsa ya rufe asusunsa don sun ga an taɓa shi daga teku. Rance ne, yana sauka zai biya. Ba ma shi za a tura wa ba, asusun wata wakiliyar kamfani ne. In ba a biya yau kafin sha biyu ba, hutun ya wuce sai bayan wata shida.

"Ya ce kar ki gaya wa kowa?"

"Ya ce yana jin kunya. Namiji ne, Auta."

Nawa ne, ban tambaya ba, don na san abin da ke cikin asusun nan. Shi ne na maganinta da na rufin ɗakin da ke yoyo.

Na sauko da yadin na shimfiɗa a kan teburin yanka, bayansa a sama. Na ce ta ba ni minti goma, in na gama ta tafi duk inda za ta. Na ɗauki alli da tef. Na ce ta karanto mini lambobin da kanta, ta karanto, ina zanawa. Na fitar da wuya, na ja kafaɗa, na sauko da ƙirji, na zana hannu a gefe. Da na gama, rigar tana kwance a tsakiyar yadin, 'yar siririya, yadi ya rage ta ko'ina. Na jawo rigar makaranta ɗaya daga cikin na 'yan ajin ƙarshe na ɗora a kai. Ta zauna cif.

"Buɗe hoton," na ce.

Ta buɗe ta ajiye wayar a gefen zanen.

"Wannan dattijon wuyansa ba zai gaza goma sha bakwai da rabi ba. Kafaɗarsa ashirin. In na ɗinka masa wannan, ko hannu ɗaya ba zai shiga ba."

"Ƙila bai iya awo ba."

"Wanda bai iya ba yakan kuskure ɗaya ko biyu. Wannan duka huɗun sun yarda da juna. Awon mutum ne na gaske, Yaya, amma ba na wannan mutumin ba. Wanda yake rubuto miki siriri ne. Hoton na wani bawan Allah ne da aka sato, ƙila bai ma san ana yawo da fuskarsa ba."

Ta karɓi tef ɗin daga hannuna. Hannun da ya auna cikin mata dubu ya san tef fiye da nawa. Ta kama inci goma sha huɗu ta naɗe shi zobe, ta riƙe zoben a gaban hoton, ta daɗe tana kallo. Wayar ta yi ƙara, saƙo ya faɗo a saman fuskar dattijon: *Masoyiyata, kin isa bankin?*

Ta ajiye tef ɗin ta ɗauki jakarta.

"Ko da hoton ba nasa ba ne," ta ce a hankali, "ƙila kunyar kamanninsa yake ji. Maganganun ai nasa ne. Ke ba ki san yadda yake mini magana ba."

Ta nufi ƙofa. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti biyar, bankin kuma, da ke rufewa sha biyu ranar Asabar, tsallaken titi biyu ne. Na kalli kusurwar da injin surfani yake a da, inda yanzu na tara buhunan ƙyalle.

"Ya ce miki ke ce amsar addu'arsa," na ce.

Ta tsaya.

"Ya ce tun rasuwar matarsa bai yi barci mai daɗi ba sai da ya san ki. Yana kiran ki matata tun ba a je ko'ina ba. In kin tura na yau, jibi za a tsare shi a filin jirgi, sai an biya tara. In kin biya, zai yi haɗari a hanya, wani da zai ce shi likita ne zai kira ki. Ranar da kika ce babu, zai yi kuka, sannan ya ce ashe ba ki taɓa son sa ba. Bayan ya ɓace, wani zai rubuto ya ce zai ƙwato miki kuɗinki in kin biya kuɗin aiki. Shi ma nasu ne."

Ta juyo. "A ina kika san wannan?"

Na buɗe aljihun keken ɗinki, can ƙarƙashin zarurruka, na ciro tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi. Ban taɓa goge saƙonnin ba, kuma kunya ba ta hana ni caza ta lokaci-lokaci in karanta ba. Na kunna na miƙa mata.

"Ba a sace injin ba, Yaya. Ni na sayar."

Ban iya kallonta ba. Na tsaya ina kankare alli daga farcena, ina jin numfashinta da ƙarar motoci a waje. Ta zauna a kan benci. Ta sa tabarau, ta riƙe wayata a hannun hagu, tata a dama, tana karanta wannan tana karanta wancan. Ba kalma ɗaya ba ce, ba suna ɗaya ba, nawa likita nata injiniya, amma hanyar ɗaya ce, kamar riga biyu da aka yanka a kan samfuri ɗaya. Ta daɗe. Na shirya wa faɗa, na ma fi son ta yi faɗan. Kuɗin guminta na shekara talatin ne na miƙa wa wanda ban taɓa gani ba.

"Zo nan," ta ce.

Na je na tsaya a gabanta. Ta jawo ni na zauna, ta sa tafin hannunta a bayan wuyana, yadda take yi in zazzaɓi ya kama ni ina ƙarama.

"Shekara biyu," ta ce. "Ina zuwa ina tsine wa ɓarayi kina cewa amin."

"Ai ɓarayin ne," na ce, sai kuka ya ƙwace mini.

Ta yi dariya, ita ma hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau. Muka zauna haka, mata biyu masu furfura, har mai shagon kusa ya leƙo neman canji ya koma da baya.

Wayarta ba ta huta ba. *Kina ina? Lokaci na tafiya.* Bayan minti uku: *Don Allah kar ki ba ni kunya.* Sha biyu saura kwata: *Na ɗauka ke daban ce.* Sha biyu ta wuce, sai ga wani saƙon, wai ya roƙi shugabansa an ƙara masa lokaci zuwa Litinin, ko rabin kuɗin ma ya isa. Yaya ta karanta wannan sau biyu, ta cire tabarau ta goge da gyale.

"Jiya ya rantse mini sha biyu ce ƙarshe," ta ce. "Zan rubuta masa in gaya masa abin da yake."

Na ce kar ta yi. Ni na yi wa nawa, kuma da amsar da ya ba ni ya sake jawo ni wata biyu. Bakinsu ya fi namu. Muka ɗauki hoton hirar duka da lambar asusun wakiliyar, don ta kai wa banki da hukuma ranar Litinin, ko za a tare wa wata. Muka kai ƙarar shafinsa. Na tambaye ta ko ta taɓa tura masa hoton katin shaidarta ko lambar sirri, ta harare ni ta ce haukarta ba ta kai nan ba. Da aka zo toshe lambar sai yatsanta ya tsaya a sama. Ban taya ta ba, don na san wannan ba a taya mutum. Ta danna, ta kifa wayar a cinya.

Na ɗauko burushi na share zanen daga yadin. Alli ne, bai bar ko alama ba. Ta ninke shi da kanta, gefe kan gefe, ta mayar cikin leda.

"Na san ƙarya ne yanzu," ta ce, tana shafa ledar. "Amma gobe da asuba zan duba wayar nan. Na san zan duba."

"Ni wata uku ina dubawa."

Ta ɗago ta kalle ni sosai. "Bayan shi, wa yake tambayarki ko kin tashi lafiya?"

Na buɗe baki in ce ai ina da mutane, sai na rufe. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakar bankinta da ledar yadin, ta ce bencin nan yana bukatar ƙusa, ta tafi gida.

Na yi niyyar in riga ta. Na ma saita ƙararrawa don in tura mata saƙo kafin ta duba wayar ta ga babu kowa. Amma ungozoma ba a riga ta tashi. Ƙararrawar ba ta kai ga bugawa ba wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo.

*Auta, kin tashi lafiya? Ya bayan naki?*

Na rubuta mata: *Lafiya lau, Yaya. Kin sha maganinki?*

*Na sha,* ta amso. *Gobe ma ki tambaye ni.*